Daƙiƙa Ɗari Uku: Yadda Ake Ɗinka Labaran Minti Biyar

Mai shayi ya kunna rediyo da ƙarfe bakwai na yamma, take ya tashi, murya ta ce, "Ga labaran duniya." Kafin ya gama soya ƙwai biyu an ce, "Ƙarshen labaran ke nan." Shi abin da ya ji hira ce mai tafiya sumul. Amma takardar da ke gaban mai karatun cike take da lissafi, kusan kamar littafin ɗan kasuwa. Minti biyar daƙiƙa 300 ne cif, kuma edita yana raba su ne kamar mai rabon gado: kowane labari da kasonsa, in ka ƙara wa wani sai ka rage wa wani.

Ma'aunin farko shi ne bakin mai karatu. A horon aikin rediyo akan ce mutum yana karanta kalma uku a daƙiƙa ɗaya, amma da Turanci aka yi wannan awon. Mai karatun Hausa da ke so tsoho a ƙauye ya fahimce shi yakan ɗan sassauta, don haka ya fi aminci a lissafa kalma biyu da rabi. Ke nan labarin daƙiƙa 20 bai wuce kalma 50 ba. Kuma akwai tarko a lambobi. A takarda 2023 abu guda ne, a baki kuwa "dubu biyu da ashirin da uku" kalma shida ce. Editan da ya ƙirga da ido bai karanta da baki yana kallon agogo ba, zai sha mamaki a situdiyo.

Mu ɗauki rana ta gaskiya mu gwada, Litinin 29 ga Mayun 2023, mu ƙaddara muna wata tasha a Kano muna shirya labaran yamma. A ranar aka rantsar da Bola Ahmed Tinubu a dandalin Eagle Square da ke Abuja, inda ya sanar da ƙarewar tallafin man fetur. A ranar kuma gwamnonin jihohi 28 suka sha rantsuwa, ciki har da Abba Kabir Yusuf. Jiya-jiya Recep Tayyip Erdogan ya lashe zagaye na biyu na zaɓen Turkiyya, aka kuma rufe kakar Firimiya ta Ingila. Kaya sun yi yawa, buhu ƙarami.

Take da sallama su ci daƙiƙa 10, kanun labarai uku su ci 20. Agogo yana 0:30 sai babban labari ya shiga, kuma a ganina fetur ne, ba bikin rantsuwa ba. Bikin kowa ya gani ko ya ji tun da rana. Kuɗin da ɗan adaidaita zai caji fasinja gobe shi ne abin da mai sauraro ke jira. Za mu ba shi daƙiƙa 90: gabatarwar mai karatu 20, rahoton wakili 70. Ga yadda gabatarwar za ta iya kasancewa:

"Sabon shugaban Najeriya Bola Ahmed Tinubu ya ce zamanin tallafin man fetur ya ƙare. Ya faɗi haka ne yau a Abuja, jim kaɗan bayan ya sha rantsuwar kama aiki. Tuni layukan motoci suka fara tsawo a gidajen mai na wasu birane. Ga wakilinmu da ƙarin bayani."

Kalma 46 ke nan, ta zauna daidai a gurbinta. Ku lura, jimlar farko ita ke ɗauke da labarin gaba ɗaya, don ko wuta ta ɗauke bayan ta, mai sauraro ya samu abin da ya zo nema. Kuma ba a ce "kamar yadda aka ambata a sama" ba, domin kunne ba ya komawa baya.

A nan ne sababbin hannu suka fi yin tuntuɓe. Wakili ya aiko da rahoto, ya fara da, "Sabon shugaban ƙasa ya ce an cire tallafi." To ai mai karatu ya riga ya faɗa! Daƙiƙa goma sun tafi a banza, mai sauraro kuma ya ji kamar ana maimaita masa karatun allo. Gabatarwa da rahoto abu ɗaya ne da aka yanka biyu, don haka wakilin kirki gabatarwar yake fara rubutawa, sannan ya ɗora daga inda ta tsaya. Nasa ya buɗe da hon ɗin motoci a bakin gidan mai, ya faɗi inda yake tsaye da abin da idonsa ke gani, ya sako muryar direba ta daƙiƙa 15, ya ba da asalin maganar tallafin a jimla biyu, ya sako wata murya mai ra'ayi daban, ya rufe da sunansa da garin da yake. Muryar da ta wuce daƙiƙa 20 a irin wannan ɗan fili ta zama wa'azi.

Ƙarƙashin gabatarwar, a takarda, dole a rubuta abu uku game da rahoton da aka naɗa: kalmomin farko, kalmomin ƙarshe, da tsawonsa, wato 1:10. Kalmomin ƙarshen su ne ishara. Da mai kula da na'ura ya ji su sai ya buɗe makirfo. Na taɓa ganin inda aka manta ba a rubuta su ba; rahoto ya ƙare, mai karatu na kurɓar ruwa, iska ta yi tsit na daƙiƙa huɗu. A rediyo wannan shirun kamar shekara yake.

Daga 2:00 sai rantsar da gwamnoni, daƙiƙa 50, a ciki har da muryar sabon gwamnan Kano ta daƙiƙa 20. Daga 2:50 Turkiyya, daƙiƙa 35, karatu zalla: Erdogan ya kada Kemal Kilicdaroglu da kusan kashi 52 cikin ɗari. Sai gajerun labaran gida biyu, kowanne daƙiƙa 20, su kai mu 4:05. Wasanni su ci 30: Manchester City ce zakara, Leicester da Leeds da Southampton sun faɗa. Ragowar 25 na maimaita kanu ne da bankwana.

Ƙwararren edita daga ƙarshe yake lissafowa. Ya san bankwana dole ta fara a 4:35, wasanni kuma a 4:05, sai ya rubuta waɗannan lokutan da jan biro a gefen takarda. In mai karatu ya gama Turkiyya ya ga agogo na 3:45 maimakon 3:25, ya san ya ci bashin daƙiƙa 20, sai ya tsallake ɗaya daga gajerun labaran nan, ba wanda zai sani. Don haka ma aka ajiye su a wurin, kuma kowane labari ake rubuta shi ta yadda za a iya datse jimlarsa ta ƙarshe bai gurgunce ba. Abin da ba a yi shi ne ƙara gudu. Da ka ji mai karatu ya fara haɗiye ƙarshen kalmomi yana haki, to lissafi ya kwance tun a tebur.

Mai karatu, yau da daddare ka ɗauki agogon wayarka ka auna tashar da ka saba ji. Ka duba daƙiƙa nawa ta ba labarin farko, nawa kuma ta ba wanda ya shafi garinku.