Wasiƙar Neman Alfarmar Kuɗin Haya: Daga Turanci Zuwa Hausar Ladabi

A Kano da Kaduna da Zariya, galibi shekara-shekara ake biyan kuɗin haya, shi ya sa ranar da wa'adi ya cika takan zo wa ɗan haya da nauyi. Mai ciki da falo da ke biyan naira 240,000 sai ya wayi gari albashi bai shigo ba, ga dillali yana yi masa waya. Wasu sukan ɓuya. Masu dabara kuwa takarda suke rubutawa, kuma da yawansu da Turanci suke fara tsara ta, don haka aka koya musu a makaranta, sannan su nemi mai mayar da ita Hausa saboda Alhajin da ke da gidan.

A ɗauki misalin wata malamar firamare da ta rubuta layi huɗu da Turanci. Ta buɗe da gaisuwar nan ta kalma biyu da Turawa ke fara wasiƙa da ita, ta ce tana baƙin cikin sanar da shi cewa kuɗin zai makara, za ta biya rabi ranar 15 ga Maris, sauran ranar 30 ga Afrilu, ta rufe da gode masa bisa fahimtarsa. A Turance babu abin zargi a ciki. Amma da ƙanenta ya bi ta kalma bayan kalma, sai ga "Masoyi maigidana" a saman takarda. Matar aure ce fa! A bakin mace "maigidana" miji ne, "masoyi" kuwa ba a ma magana. Abin da ya dace shi ne "Zuwa ga Alhaji, mai gidan da muke haya", ko "Baba Alhaji" in ya haife ta, sai sallama.

Daga nan sai gaisuwa, wadda Turancin bai tanada ba sam. Bahaushe ba ya faɗa wa babba buƙata a tsaye daga bakin ƙofa, kuma takarda ma haka take. Dole mai fassara ya ƙaro abin da babu a asali: tambayar iyali, da fatan alheri. Wannan ba cin amanar fassara ba ne, domin girmamawar da Bature ya dunƙule a kalma biyu ita ce Bahaushe ke shimfiɗawa a layi biyu.

"Ina baƙin cikin sanar da kai" ma tarko ne. Wanda ya karanta haka gabansa zai faɗi, ya ɗauka rasuwa aka yi. Haka "na gode da fahimtarka": an yi godiya tun ba a ba da komai ba, kamar an yanke wa dattijo hukunci. Hausar ladabi roƙo take yi, ta bar masa zaɓi. Tana kuma kauce wa "kai" tsirara, ta koma "ku" na girmamawa, ko "a" da ba ya nuna kowa da yatsa: "a yi mini haƙuri", "a ɗaga mini ƙafa". Ga yadda takardar ta fito bayan gyara:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, Allah ya ƙara girma. Dalilin rubuto wannan takarda shi ne neman afuwa game da kuɗin haya, wanda wa'adinsa ya cika ranar 28 ga Fabrairu. Ban samu ikon kawowa ba saboda jinkirin albashi. Ina roƙon alfarma a ɗaga mini ƙafa. In Allah ya yarda zan kawo naira 120,000 ranar 15 ga Maris, cikon naira 120,000 kuma ranar 30 ga Afrilu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Haza wasalam."

A lura da "ban samu iko ba". Da ta ce "ban biya ba", ya yi kama da taurin kai. Wannan kuwa yana nuna niyya na nan, hali ne ya gagara.

Sai dai akwai inda masu fassara ke wuce gona da iri, kuma wannan ya fi kuskuren farko haɗari. Garin neman taushi sai su narkar da lambobin, ranar 15 ga Maris ta koma "nan ba da jimawa ba", rabin kuɗi ya koma "ɗan abin da ya samu". Mai gida da ya ga "in Allah ya yarda" babu rana a gefensa ya san ma'anarsa, domin ya sha ji daga bakin waɗanda suka kwashe kaya da dare. Ko "ƙarshen wata" ma bai isa ba: dattijon da ke lissafi da watan Musulunci da ma'aikaciyar da ke jiran albashin watan Bature ba lallai rana ɗaya suke nufi ba. Ga shi kuma takardar tana iya zama hujja in magana ta kai gaban mai unguwa ko alƙali, don haka adadin kuɗi da ranaku su tsaya da lambobi yadda suke a Turancin, a sa kwanan wata da hannu, a kuma ajiye kwafi.

Malamar ba ta ba dillali takardar ba. Mijinta ne ya kai ta da kansa bayan sallar la'asar, ya gaida Alhaji a zaure, sannan ya miƙa ta da hannu biyu.