Gwajin sabon wasa da abokai biyar: daga «ya yi tsawo» zuwa gyaran da ake iya aunawa

Gwajin wasa shi ne a zaunar da mutane su buga wasan da ba a gama tsara shi ba, mai tsarawar yana gefe yana kallo, domin ya gano inda ƙa'idojinsa suke cije wa mutane. Ana yin sa ga wasan kati, da wasan allo irin su lido da dara, da wasannin waya da kwamfuta. Wanda ya ƙirƙiri wasa ya san kowace ƙa'ida da dalilin sa ta, saboda haka ba zai taɓa ruɗewa a inda baƙo yake ruɗewa ba. Sai ya ari idon wasu, kuma na farko da hannunsa ke kaiwa gare su su ne abokansa.

Adadin biyar yana da asali. A shekarar 1993 Jakob Nielsen da Thomas Landauer sun yi nazari kan gwajin manhajojin kwamfuta, suka ga cewa mutum ɗaya yakan ci karo da kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin da ke hana amfani da manhaja cikin sauƙi. A kan wannan lissafi, mutum biyar sukan tono kusan kashi 85, kuma Nielsen ya yaɗa wannan shawara a wani rubutu da ya yi a shekarar 2000. Sai dai akwai iyaka. Mutanen nazarin ɗaya bayan ɗaya aka gwada su, alhali abokai biyar da ke kewaye da tabarma ɗaya suna kallon juna, idan ɗaya ya gane wata ƙa'ida sauran su kwaikwaye shi. Biyar sun isa su nuna inda ake ruɗewa da inda ake gundura. Ba su isa su tabbatar da cewa wata dabara ta fi ƙarfin sauran ba, wannan sai an buga wasan sau da yawa.

Kafin baƙi su iso, mai tsarawa yakan rubuta tambaya ɗaya ko biyu da yake son zaman ya amsa, misali ko wasan zai ƙare cikin minti 45. Kayan wasan kuwa gara su kasance na kwali da biro, da tsakuwa ko murafen kwalba a matsayin kuɗi. Wasan da aka ƙawata da zane yana sa abokai su ji nauyin kushe shi, shi ma mai shi ya ji ciwon yaga katin da ya ɓata kwana biyu yana zanawa. Sai takarda mai layuka uku: lokaci, abin da ya faru, da abin da aka faɗa. Agogon waya ya wadatar wajen auna lokaci.

Da zarar ya bayyana ƙa'idoji sau ɗaya, aikinsa ya koma kallo da rubutu, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi wuya. Idan wani ya yi kuskure, bakin mai tsarawa yakan yi ƙaiƙayin gyara masa, amma kuskuren shi ne abin da aka zo nema. Abin da ya dace shi ne ya tambayi ɗan wasan yadda ya fahimci ƙa'idar, ya rubuta amsar, sannan ya sa baki idan wasan ya tsaya cik. Yana lura da wanda ya ciro waya da zagayen da ya ciro ta, da tambayar da aka maimaita sau biyu, da katin da ba wanda ya taɓa amfani da shi. Yana kuma rubuta makin kowa bayan kowane zagaye huɗu.

Bayan an tashi, maganar farko da zai ji ita ce «ya yi kyau, Allah ya ƙara basira». Kara ce irin ta abota, ba ƙarya ba ce, amma ba a gyara komai da ita. Idan kuma akwai babba a cikinsu, da ya faɗi ra'ayinsa sauran za su bi. Maganin wannan shi ne kowa ya rubuta amsarsa a ƙyallen takarda kafin a buɗe hira. Tambayoyin ma a ɗaure su da wani lokaci na wasan: a wane zagaye ne ya ji ba shi da abin yi, yaushe ya san wanda zai ci, wane kati ne ya riƙe bai san amfaninsa ba. Tambayar «ka ji daɗi?» amsarta a shirye take tun kafin a yi ta.

Misali zai fayyace sauran. A ɗauka wani ya tsara wasan kati na fatauci: 'yan wasa biyar suna yawo tsakanin kasuwanni, su sayi goro da gishiri da fata inda suke da araha, su sayar inda suke da tsada, zagaye goma sha biyu. Mai jaki yana ɗaukar kaya ninki biyu, kuma ba a samun jaki sai an jefa ƙwayar lido ta ba da shida. Ya yi nufin minti 45, aka shafe minti 80. Takardun amsa suka dawo da maganganu uku: mutum uku sun ce ya yi tsawo, biyu sun ce sa'a ce kawai, ɗaya ya ce a ƙara 'yan fashi a hanya.

«Ya yi tsawo» magana ce mai fuska da yawa. Tana iya nufin zagayen sun yi yawa, ko jiran layi ya yi yawa, ko an san wanda zai ci tun tsakiyar wasa ana ta jan abin da ya riga ya ƙare. Kowace da nata gyaran, kuma takardar mai tsarawa ce za ta raba gardama. A nan ta nuna cewa kowane mutum yakan ɗauki kimanin daƙiƙa 80 idan layi ya zo kansa. Mutum biyar sau zagaye goma sha biyu layi sittin ke nan, sittin sau daƙiƙa 80 kuwa minti 80 cif. Cikin wannan, kowa ya yi wasa na minti 16 ne kacal, ya yi zaman jira na minti 64, fiye da minti biyar tsakanin layi da layi. An ciro waya tun zagaye na uku, lokacin da makin kowa yake kusa da na kowa, saboda haka ba sanin wanda zai ci ne ya gundure su ba. Da mai tsarawa ya bi maganar a zahirinta ya rage zagaye zuwa takwas, da wasan ya gajarce amma jiran minti biyar ɗin yana nan daram.

Takardar ta kuma nuna inda daƙiƙa 80 ɗin suke tafiya: kusan rabinsu a zaɓen kasuwa suke ƙarewa, domin mutum ba ya fara tunani sai layi ya zo kansa. Gyaran da ya fito daga nan shi ne kowa ya zaɓi katin kasuwarsa a lokaci guda, ya kifa shi, a buɗe tare, sannan a yi ciniki bi da bi. Mai tsarawa sai ya rubuta gyaran tare da abin da yake sa ran gani: layi zai sauko zuwa daƙiƙa 45, wasan ya dawo wajen minti 45, kuma ba wanda zai ciro waya kafin zagaye na takwas. Gyaran da ba a rubuta masa irin wannan hasashe ba, ba yadda za a san ya yi aiki ko bai yi ba.

Mutum biyun da suka ce sa'a ce kawai, su ne waɗanda suka kai zagaye na biyar ba su sami jaki ba. Abu ne mai sauƙi a ce haushin faɗuwa ne ke magana, amma lissafi yana bayansu. Damar rasa shida a jifa ɗaya biyar cikin shida ce, kuma damar rasa ta sau huɗu a jere 625 cikin 1296 ce, wato kusan kashi 48 cikin ɗari. Ke nan a kowane zama na mutum biyar, biyu ko uku za su shafe sulusin wasan a ƙafa suna kallon masu jaki suna tara riba. Duk wanda ya taɓa zama a lido 'ya'yansa huɗu na gida yana jiran shida ya san wannan takaici. Idan aka ce biyar ko shida duk suna ba da jaki, damar ta sauko zuwa 16 cikin 81, kusan ɗaya cikin biyar, wanda har yanzu yana nufin mutum ɗaya a yawancin zama. Gyaran da ya fi shi ne a sa wa jaki farashi, wanda ya jefa shida ya saya a rabin kuɗi. Sa'a tana nan, amma yanzu mutum yana da zaɓi: ya jira ko ya biya.

Saura maganar 'yan fashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ya san yadda ake yaɓe ba. Ɗan wasa ba ya kuskure game da abin da ya ji, shawarar gyaransa ce ake tunkara da hankali. Tambayar da ta dace ita ce a wane lokaci ya so a ce akwai 'yan fashin. Idan ya ce lokacin da ya ga wani ya yi nisa kuma ba abin da zai iya yi masa, to kukansa shi ne kowa yana wasansa shi kaɗai, ba mai shafar wani. Ƙa'ida ƙarama tana iya biyan wannan buƙata, kamar farashin kaya ya faɗi idan mutum biyu suka kai iri ɗaya kasuwa ɗaya, kuma ta dace da sabon tsarin kifa kati ba tare da an ƙara tarin katuna ba.

Ba a zuba dukan gyare-gyaren a zama ɗaya. Idan aka canza tsarin layi da farashin jaki da faɗuwar farashi gaba ɗaya, wasan ya gyaru ko ya lalace, ba a san wanne ya jawo ba. Ɓaraka bayyananniya, kamar kati mai rubutu mai harshen damo, ana gyara ta nan take da biro. Masu bincike a kamfanin Microsoft sun bi irin wannan hanya wajen gwada darasin koyon wasan Age of Empires II, wanda ya fito a 1999: suna gyara matsala da zarar ta bayyana sarai, su gwada gyaran a kan mutum na gaba. Amma canjin da ya taɓa ginshiƙin wasa, ɗaya ake yi a kowane zama, a fara da wanda ya fi damun mutane da yawa, a nan tsarin layi. A rubuta lamba da kwanan wata a kan kowace takardar ƙa'idoji, a ajiye tsohuwar, domin wani lokaci komawa baya ake yi.

Abokan nan biyar suna da ranar ƙarewar amfaninsu. Bayan zama uku ko huɗu sun haddace ƙa'idoji, ba sa ruɗewa, har sun saba da lahanin da ya rage. Daga nan suna da amfani wajen gwada ko wata dabara ta fi ƙarfi, amma ba za su ƙara nuna inda sabon shiga zai yi tuntuɓe ba. Mataki na gaba shi ne a miƙa wa mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba kayan da takardar ƙa'idoji kawai, mai tsarawa ya zauna nesa bai ce uffan ba, ya rubuta minti nawa suka ɗauka kafin su fara da kuma layin da suka karanta sau biyu.