Albashi Mafi Ƙanƙanta Da Aikin Jinga

'Yan'uwa manoma, tun shekarar 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijeriya Naira 70,000 ne a wata. Amma dokar 2019 ta ware wasu: masu aikin jinga, masu aikin gona na lokaci guda kamar girbi, da ma'aikatar da mutanenta ba su kai 25 ba.

To, ku ɗauki mai sussukar masara da ƙungiyarku take biya Naira 500 a kan buhu. In ya yi buhu 5 kullum, har kwana 26, ya sami Naira 65,000 ke nan, saura 5,000. Doka ba ta tilasta ku cika masa ba, amma lissafin ya nuna jingar ta yi araha. Naira 540 a kan buhu za ta kai shi.

Mai albashin wata fa, kamar ɗanku da ke aikin otal a birni? Tukuicin da baƙo ya ba shi kyauta ce, ba albashi ba, gama ba daga hannun maigida ya fito ba. Kuɗin mota da na haya kuwa, wasu iyayen gida sukan haɗa su cikin 70,000 ɗin. Sai ya nemi a rubuta masa kowanne dabam kafin ya sa hannu.