Yadda Burodi Ya Koma Tawada: Matsalar Hoto a Fassarar Larabci da Waya

A zangon da ya wuce, malamin Larabci ya ba wani aji jinga: su fassara wasu jimloli daga littafin karatu zuwa Hausa. Wani ɗalibi ya bari sai dare, ga shi an ɗauke wuta. Ya ari wayar yayansa, ya haska shafin da tocila, ya ɗauki hoto, manhajar fassara ta ba shi amsa, ya kwafe. Washegari ya miƙe ya karanta da ƙarfi: "Yaro ya sayi tawada a kasuwa." Aji ya ɗauki dariya, domin burodi yaron ya saya.

Ga jimlar da ke cikin littafin: اشترى الولد الخبز من السوق. Kalma ta uku, الخبز, ita ce burodi. Amma abin da wayar ta gani shi ne الحبر, wato tawada. Ku dubi kalmomin nan biyu da kyau. Ƙirarsu ɗaya ce, ɗigo biyu kacal suka raba su, ɗaya a kan خ, ɗaya a kan ز. Da ɗigon ƙarshe kaɗai ya ɓace, da الخبر ta karanto, a ce yaro ya sayi labari.

Aiki biyu waya take yi

Idan ka nuna wa waya rubutu, ba fassara take fara yi ba. Da farko wata manhaja tana duba hoton, ta raba shafin layi-layi, ta gane haruffan da ke kowane layi, ta mayar da su rubutu. Wannan rubutun ake miƙa wa mai fassara, shi kuwa abin da aka ba shi yake fassarawa. An ba shi "tawada", ya fassara ta daidai. Ke nan tun a matakin karatu aka yi ɓatan kai. Haɗarin shi ne jimlar ta fito sumul, domin ai ana sayar da tawada a kasuwa, babu abin da zai sa ka yi zargi.

Larabci yana saurin faɗawa wannan tarko saboda yanayin rubutunsa. Cikin haruffansa 28, guda 15 masu ɗigo ne. A tsakiyar kalma, haruffan ب da ت da ث da ن da ي duk ɗan haƙori ɗaya ne, yawan ɗigo da wurinsa ne kawai ke bambanta su. Shi ya sa بيت, gida, da بنت, yarinya, suke kamar Hassan da Husaini idan hoto ya yi dishi-dishi.

Dishi-dishi da duhu

Hoton waya taron ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira fiksel. Kyamara mai megafiksel 12 tana da fiksel kusan 4,000 a tsawon hoto. Idan takardar A4, mai tsawon santimita 30 ba kaɗan, ta cika hoton, ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne zai sami fiksel 6 zuwa 7. Wannan ya isa a gane shi. Amma idan ka tsaya nesa, takardar ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku na tsawon hoton, ɗigon ya koma fiksel 2. Hannu na ɗan motsawa, sai ɗigon ya narke cikin harafi, ko ɗigo biyu su manne su zama ɗaya.

Duhu yana ƙara dagula lamarin. Idan haske bai isa ba, kyamara takan daɗe a buɗe tana tattara shi, kuma duk rawar da hannu ya yi a wannan lokacin sai ta fito a hoton. Sannan hoton duhu yakan zo da burtsatse kamar an watsa yashi, abin da ke ƙara ɓoye ɗigo na gaskiya. Tocila da filasha ba su magance wannan ba. Sukan haska wuri ɗaya fau, musamman a takarda mai sheƙi, haruffan wurin su wanke, gefe kuma ya zauna cikin duhu. Abin da ya sami abokin namu ke nan.

Karkata

A ce tsawon layi santimita 12 ne, kuma hoton ya karkace da digiri 5 kacal. Ƙarshen layin zai goce daga farkonsa da kusan santimita ɗaya, alhali a littattafai da yawa tazarar layi da layi ba ta kai haka ba. Manhajojin yanzu suna iya miƙe 'yar karkata, amma idan ta yi yawa sai a haɗa rabin wani layi da rabin na kusa da shi. Haka kuma idan ka ɗauki hoto kana zaune littafi yana can gabanka, layukan sama za su ƙanƙance. Littafi mai kauri kuwa yakan lanƙwashe wajen ɗinki, kalmomin wurin su matse.

Yadda za ka ɗauki hoto mai kyau

1. Goge idon kyamara da kyalle mai laushi. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hoto hazo.
2. Nemi hasken rana a inuwa, kamar bakin taga ko baranda. Hasken ya zo daga gefe don kada inuwar waya ta faɗa kan shafi. Kashe filasha.
3. Shimfiɗa littafin a kan tebur, ka danne gefen shafin ya miƙe. Idan rubutun baya yana leƙowa, saka baƙar takarda a bayan shafin.
4. Riƙe waya a saman shafin sak, gefenta yana tafiya daidai da layukan.
5. Ɗauki sakin layi ɗaya ko biyu maimakon shafi sukutum. Matso da wayar, kada ka dogara da jawo hoto da yatsu.
6. Taɓa rubutun a fuskar waya, jira ya fito tar, kafa gwiwar hannu a tebur, sannan ka danna.

Idan za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, domin turawa ta yau da kullum tana rage ingancin hoto.

Bincika kafin ka kwafa

Buɗe hoton ka faɗaɗa shi. Idan idonka bai iya ƙirga ɗigon ت da ث ba, sake ɗauka. Bayan haka, a manhaja irin Google Lens, zaɓi rubutun Larabcin ka danna Copy, ka liƙa shi a wurin rubutu, ka gwada shi da littafin kalma bayan kalma. Da abokinmu ya yi haka, da ya ga ɗigo biyun da suka ɓace, ya gyara da hannu.

Sai dai kyan hoto ba ya maganin komai. Littattafan da aka rubuta da hannun Magaribi, irin wanda muka saba gani a makarantun allo, suna sa ɗigon fa'un a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama, don haka manhajar da ta saba da bugun Gabas tana iya ɗaukar ƙafun a matsayin fa'un. Rubutun da ba wasali ma yana da nasa ruɗanin: علم na iya zama ilimi, ko tuta, ko "ya sani". A irin wannan wuri, ƙamus da malamin Larabci su ne mafita.

Kulob ɗin 'Yan Jarida