Omaha: Kati Huɗu a Hannu, Biyu Kacal Ke Aiki

Wanda ya saba da holdam, wato nau'in kartar foka da aka fi bugawa a gidajen caca na Amurka da Turai, yakan ɗauka Omaha ba ta da wani sabon abu. A duka biyun ana shimfiɗa kati biyar a tsakiyar tebur, kowa ya haɗa su da na hannunsa ya fitar da kati biyar mafi ƙarfi. Amma a holdam kati biyu ake ba mutum, a Omaha kuwa huɗu.

Ƙa'idar da ke kayar da sabon shiga ita ce: a Omaha dole ka ɗauki biyu daga hannunka, uku daga tebur, ba ƙari ba ragi. A holdam kana iya amfani da biyu, ko ɗaya, ko ma ka dogara da na tebur kaɗai.

A ce kati huɗu na tebur masu alamar zuciya ne, kai kuma kana riƙe da A na zuciya, sauran katinka duk baƙaƙe. A holdam ka haɗa fulash, wato kati biyar masu alama iri ɗaya, kuma mafi girma. A Omaha ba ka da fulash sam, domin uku kawai za ka ɗauka daga tebur, ga shi ba ka da zuciya ta biyu a hannu.

Kati huɗu suna ba da haɗi shida na bibbiyu. Idan mutum tara ke zaune, haɗi 54 ke fafatawa, maimakon 9 na holdam. Shi ya sa 'yan Omaha ke farautar abin da suke kira nat, hannun da babu mai iya doke shi bisa katin da ke tebur.

Misali, tebur na ɗauke da K, 8 da 3 na zuciya, sai 7 da 2 baƙaƙe, kai kuma kana da 9 da 5 na zuciya. A holdam wannan fulash yakan ci. A Omaha kuwa an raba kati 36, don haka ba wuya wani ya riƙe zuciya biyu da A, Q, J ko 10 a ciki, kuma kowanne ya fi naka. Mai A ɗin shi ne mai nat.

Nat ma yana sauyawa. Da katin ƙarshe ya zo 8 maimakon 2, tebur ya sami kati biyu masu lamba ɗaya ke nan. Mai riƙe da K biyu ya haɗa fulhaus, K uku da 8 biyu, ya danne kowane fulash. Saboda haka duk lokacin da aka buɗe sabon kati, gwani yakan sake lissafa hannu mafi ƙarfi. In abokin karawa ya zuba kuɗi masu yawa alhali nasa na uku ne ko na huɗu, sai ya ajiye katinsa.