Daƙiƙa 43 da suka ci wa GitHub yini guda

Ranar 21 ga Oktoba, 2018, ma'aikata na sauya wata na'urar sadarwa da ta fara lalacewa, sai layin da ke haɗa babbar cibiyar GitHub ta gabashin Amurka da sauran cibiyoyinsa ya yanke. Cikin daƙiƙa 43 ya dawo, amma sai da aka yi awa 24 da minti 11 kafin al'amura su daidaita.

Ga yadda tsarin yake. Rumbun bayanai ɗaya ne babba, shi kaɗai ake rubutawa a ciki. Sauran kwafi ne, suna biye da shi suna ɗaukar abin da ya rubuta, kuma sukan ɗan yi jinkiri. Da layin ya yanke, manhajar Orchestrator mai sa ido ta daina jin ɗuriyar babban, sai ta naɗa kwafin da ke yammacin ƙasar a madadinsa. Alhali na gabas da ransa, har ya karɓi wasu rubuce-rubuce da ba su isa yamma ba. A wani rukuni mai yawan aiki, guda 954 ne. Sabon kuma ya yi kusan minti 40 yana karɓar nasa. Sarki biyu ke nan a gari ɗaya, kowa da kundin da ɗayan bai gani ba. Komawa gabas kai tsaye zai salwantar da aikin mutane, don haka aka bi doguwar hanya, aka sake gina rumbunan gabas daga ajiya.

A ganina, shirun babba bai isa hujjar naɗa wani ba. Sai an fara tabbatar da cewa tsohon ba zai ƙara karɓar rubutu ba, ko ta kashe shi, ko ta toshe hanyar zuwa gare shi.

Sannan a duba ko kwafin ya kamo shi. A nan ne mutane ke ruɗuwa, domin a MySQL awon `Seconds_Behind_Master` yana iya nuna 0 alhali layi ya yanke, kwafin bai farga ba tukuna. Abin dogaro shi ne lambar shaida da kowane rubutu ke ɗauke da ita, wato GTID. A ɗauko `gtid_executed` na ɓangarorin biyu a debe:

```
SELECT GTID_SUBTRACT('na_babba', 'na_kwafi');
```

In babu abin da ya rage, kwafin ya cika. In wasu lambobi suka fito, su ne za a rasa. Matsalar ita ce wannan lissafi sai ana iya kaiwa ga tsohon. Shi ya sa wasu ke tsara babban tun farko ya jira kwafi ɗaya ya amsa cewa rubutu ya iso kafin a ce wa mai aiki an adana, ko da hakan zai rage sauri.

GitHub kuwa daga baya ya gyara Orchestrator, ya hana ta naɗa babba a wani yankin ƙasa daban.