Saƙon tayin talla ga mai tarin mabiya

Saƙon da ɗan kasuwa ke tura wa mai tarin mabiya a TikTok ko Instagram don ya tallata masa haja, sau da yawa shi ne kaɗai shaidar cinikin idan saɓani ya taso. Don haka a rubuce ake yin sa. Saƙon murya yana da daɗin gaisawa, amma ranar gardama da wuya a zaƙulo magana ɗaya daga cikinsa.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke neman kasuwar ƙaramar Sallah. Bayan gaisuwa da gabatar da shagonsa, sai ya fayyace aikin: bidiyo uku, kowane na daƙiƙa 45, biyu na nuna zanen atamfar cikin hasken rana, ɗaya kuma an sa ɗinkakkiya. Dole ya faɗi inda za a ɗora su, domin abin da aka saka a Story yana ɓacewa bayan awa 24, na kan shafi kuwa yana zama. Wanda ya rubuta "a yi mana talla" kawai, zai iya biyan kuɗin wata guda ya samu na yini ɗaya. Shi ya sa ake rubuta tsawon zaman, a ce kwana 30 ba a goge ba.

Ranakun biyu ne. Akwai ranar turo bidiyo a duba, akwai ranar saki, tsakaninsu kamar kwana uku na gyara sau ɗaya. Lissafin kuma daga wajen tela yake farawa. Azumi na yin nisa teloli ke daina karɓar ɗinki, saboda haka tallan atamfa da ya fito a goman ƙarshe ya makara, komai kyansa.

A batun kuɗi, ana rubuta jimillar da adadi, a ce naira 150,000, rabi kafin alƙalami, ragowar cikin kwana biyu bayan bidiyon ƙarshe ya fita. Raba kuɗin yana kare kowa: mai haja bai saki komai gaba ɗaya ba, mai talla bai yi aikin bashi ba. Akan bayyana ko atamfar da aka aika kyauta ce ko za a dawo da ita, da abin da za a rage idan an saɓa rana.

Abin da aka fi mantawa shi ne izinin sake amfani da bidiyon. Biyan kuɗin talla bai ba shago damar ɗaukar fuskar mutum ya ci gaba da yaɗawa ba, sai an ambaci hakan da wa'adinsa. Saƙon zai kuma nemi a kunna alamar Paid partnership don masu kallo su san talla ce. A Najeriya, hukumar ARCON, bisa dokarta ta 2022, tana buƙatar a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet, don haka a rubuta wanda zai nemo amincewar da wanda zai biya kuɗinta.